Allurar HPV: Shekarun Yarinya Sun Fi Yawan Allura Muhimmanci

Yayata ce ta tayar min da wannan magana. An aiko wa 'yarta mai shekara 10 takardar neman izinin a yi mata allurar riga-kafin HPV, sai ta kira ni tana faɗa kamar ni na rubuta takardar. Ta ce, "Kai yanzu don Allah ka duba yarinyar nan. Ko ƙirgar dangi ba ta fara ba, har yanzu sai na tsaya a kanta take wanka da kyau. Ina ita ina cutar da aka ce ta hanyar kwanciya ake ɗauka? A bari mana ta girma, in za ta yi aure sai a yi mata." Na ce, "Yaya, abin da kika faɗa na ƙarshe shi ne ainihin kuskuren." Mun kai kusan awa muna ja, kuma tun daga ranar nake ganin cewa yawancin gardamar da ake yi a kan wannan allura ana yin ta ne a inda bai kamata ba. Ana ta musu kan ko allura ɗaya ce ko biyu ko uku, ko ta wane kamfani ce ta fi, alhali abin da ya fi yanke hukunci shi ne shekarun yaro a ranar da aka yi masa.

HPV ba ƙwayar cuta ɗaya ba ce, dangi ne guda mai nau'i sama da 200, kuma lamba ake ba kowanne. Yawancinsu ba su da wata illa ta a zo a gani. Kusan goma sha biyu daga ciki ne ke iya jawo sankara, kuma biyu kacal, lamba 16 da lamba 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Wani Bajamushe masanin ƙwayoyin cuta, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano waɗannan biyun a cikin tsokar sankara a 1983 da 1984, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar tana yaɗuwa ta haɗuwar fata da fata a wajen saduwa, kuma ta yawaita har ana cewa kusan duk baligin da ya taɓa kusantar wani zai gamu da ita sau ɗaya a rayuwarsa. Wannan ya haɗa da macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta, domin namiji na iya ɗauke da ita shekaru ba tare da alama ko ɗaya ba. Cikin mutum goma da suka kamu, jikin tara yakan kore ta da kansa cikin shekara biyu. A jikin ragowar ne take maƙalewa, ta riƙa sauya ƙwayoyin halittar bakin mahaifa a hankali, sai bayan shekara 15 zuwa 20 abin ya zama sankara. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kusan 660,000 ne suka kamu da wannan sankara a 2022, kusan 350,000 kuma suka rasu.

To, ita allurar me take yi? A cikinta babu ƙwayar cuta, mai rai ko matacciya. Abin da ke ciki ɓawo ne kawai, an ƙera shi da irin sinadarin da ke lulluɓe da ƙwayar ta gaske, amma cikinsa fanko ne, ba shi da abin da zai hayayyafa. Garkuwar jiki tana ganin wannan ɓawo sai ta ɗauka maƙiyi ne ya shigo, ta tanadi dakarun da suka san kamanninsa. Ranar da ƙwayar gaske ta iso, waɗannan dakaru za su tare ta kafin ta kutsa cikin ƙwayar halitta. A nan aikinsu ya tsaya. Idan ƙwayar ta riga ta shiga ta zauna, allura ba za ta fito da ita ba, ba za ta warkar da tabon da ta fara yi ba. Mai gadin ƙofa ce, ba ta shiga ɗaki farautar ɓarawon da ya riga ya ɓuya a ƙarƙashin gado. Shi ya sa jiran sai yarinya ta kusa aure ya zama fafe gora ranar tafiya, yi mata bayan shekaru da aure kuma sau da yawa ihu ne bayan hari.

Wannan ba hasashe ba ne, an auna shi. Ingila ta fara yi wa 'yan mata allurar a makarantu a 2008, aka fara da 'yan shekara 12 zuwa 13, sannan aka bi waɗanda suka girme su har zuwa 18 don kada a bar su a baya. Da aka waiwayo a wani bincike da aka wallafa a 2021, sai aka ga sankarar bakin mahaifa ta ragu da kashi 87 cikin 100 a rukunin da aka ba allurar suna 12 zuwa 13, ta ragu da kashi 62 a rukunin 14 zuwa 16, sai kashi 34 kawai a rukunin 16 zuwa 18. Irin allurar ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce, tazarar shekara huɗu ko biyar ce ta raba 87 da 34. Gaskiya ne manyan ba su fito an yi musu da yawa kamar ƙananan ba, wannan ma ya ja adadinsu ƙasa. Amma Suwidin ta bi diddigin 'yan mata da mata kusan miliyan 1.7 daga 2006 zuwa 2017, tana kwatanta wadda aka yi wa da wadda ba a yi wa ba, kuma labarin bai canza ba: haɗarin ya ragu da kashi 88 ga wadda aka yi wa kafin ta kai 17, da kashi 53 ga wadda aka yi wa tsakanin 17 da 30.

Akwai dalili na biyu, wanda iyaye ba su cika ji ba, kuma ni shi ya fi kwantar min da hankali domin ba ya buƙatar a yi wa kowa mummunan zato. Jikin yaro ɗan shekara 9 zuwa 14 ya fi na babba amsa wannan allura. Idan aka auna jininsu, dakarun da yarinya ƙarama ta tara da allura biyu ba su gaza na budurwa 'yar shekara 20 mai allura uku ba, sau da yawa ma sun fi. Wato ko da an tabbata yarinya ba za ta kusanci kowa ba sai ta kai 25, yi mata a shekara 10 ya fi yi mata a 24 inganci. Da na gaya wa yayata haka, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "To ba za ta gushe ba kafin lokacin?" Tambaya ce mai kyau. An bi waɗanda aka yi wa tun farkon fitowarta a 2006 sama da shekara goma ba a ga kariyar ta yi rauni ba, kuma har yanzu ba a ba da shawarar ƙara wata allura daga baya ba.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a sahun farko. Ni kuma ra'ayina, cikin wannan tazara, farkonta ya fi ƙarshenta. Ba don jikin 'yar 9 ya fi na 'yar 13 ba, sai don duk shekarar da aka ɗaga wata dama ce ta mantuwa, ko ƙaura, ko barin makaranta. Sannan maganar ta fi sauƙi. 'Yar shekara 10 ba ta buƙatar dogon bayani, a ce mata allura ce da ke kare mutum daga wata sankara idan ya girma, kuma gaskiya aka faɗa mata. Masu tsoron cewa allurar za ta zama kamar an ba yarinya lasisi su sani an duba wannan ma. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban bai ga waɗanda aka yi wa sun fi saura saurin fara saduwa ko ɗaukar ciki ba. Yarinyar da aka soka wa allura a dantse tana aji biyar, abin da ta riƙe kawai shi ne hannunta ya yi tsami kwana biyu.

Maganar yawan allura ta rikita mutane ne domin an canza ta sau biyu. Da farko uku ake yi cikin wata shida. A 2014 aka rage zuwa biyu ga 'yan ƙasa da 15. A ƙarshen 2022 kuma Hukumar ta ce daga shekara 9 zuwa 20 allura ɗaya ko biyu duk sun wadatar, daga 21 zuwa sama a yi biyu da tazarar wata shida, mai raunin garkuwar jiki kuma, kamar mai ɗauke da HIV, a yi masa aƙalla biyu, in da hali uku. Na ji masu cewa ai rowa ce, an ga talakawa ne aka rage musu. Ostareliya da Birtaniya, waɗanda ba kuɗin allura ne ya dame su ba, duk sun koma allura ɗaya a 2023.

Yadda aka gano cewa allura ɗaya ta wadatar ma abin sha'awa ne, domin kusan tsautsayi ne ya nuna hanya. A Indiya an fara wani gwaji a 2009 don a kwatanta allura biyu da uku, sai aka dakatar da shi a 2010 ana tsaka da aiki, dubban 'yan mata suka tsaya a allura ɗaya. Masu binciken ba su watsar da su ba, suka ci gaba da bin su, bayan shekara goma suka tarar kariyar da masu allura ɗaya suka samu daga lamba 16 da 18 ta yi daidai da ta masu biyu da uku. Daga baya aka shirya gwaji na musamman a Kenya da mata 2,275 masu shekara 15 zuwa 20, aka samu allura ɗaya ta hana kusan kashi 98 cikin 100 na kamuwar da ke maƙalewa. Sai dai a faɗi gaskiya, wannan hujja tana da iyaka. Abin da aka auna shi ne maƙalewar ƙwayar, ba ita sankarar ba, domin sankara sai an jira shekaru. Alƙaluman Ingila da Suwidin na sama daga zamanin allura uku suka fito. Kuma kusan duk gwajin allura ɗaya a kan mata aka yi. Ni dai na gamsu, tunda babu sankarar HPV in ba a fara da maƙalewar ƙwayar ba, amma ba na ganin laifin ƙasar da ta zaɓi ta tsaya a biyu. Abin da nake ganin laifinsa shi ne a hana yarinya ta farko saboda ba a da tabbacin samun ta biyu.

Gidan yayata ya isa misali, domin kusan kowane hali akwai shi a ciki. 'Yar shekara 10 ɗin ita ce mafi sauƙi: a yi mata yanzu. Idan tsarin inda suke ɗaya ne, an gama. Idan biyu ne, ta koma bayan wata shida zuwa shekara guda, kuma kada a yi gaggawar ta biyun, domin in tazarar ta gaza wata biyar ba ta ƙirguwa yadda ya kamata, sai an ƙara. Idan kuma an sha'afa har shekara biyu ta wuce, ba a sake farawa daga farko, ta biyun kawai za a yi. Akwai kuma 'yar mijinta mai shekara 23 da ta yi aure bara. Ita ma za ta iya amfana, domin da wuya a ce ta riga ta gamu da duk nau'o'in da allurar ke tarewa, kuma ba a buƙatar wani gwaji kafin a yi mata. Nata biyu ne da tazarar wata shida, amma a gaya mata gaskiya cewa kariyarta ba za ta kai ta ƙanwarta ba. In tana da ciki sai a jira ta haihu, ba don an ga allurar ta cutar da jariri ba, sai don ba a yi isasshen gwaji a kan masu ciki ba. Shayarwa ba ta hana.

Sai ɗanta mai shekara 13, wanda a kansa muka fi daɗewa. Ta ce, "Shi kuma wace mahaifa gare shi?" Ba shi da ita, amma yana da maƙogwaro, da dubura, da gaba, kuma HPV, musamman lamba 16, tana jawo sankara a duk ukun. A Amurka sankarar maƙogwaro mai nasaba da HPV ta riga ta zarce ta bakin mahaifa yawa, kuma maza ta fi kamawa. Abin da ya sa ta fi muni ta wani ɓangare shi ne babu gwajin da ake yi don a kama ta tun tana shirin farawa, irin wanda mata ke da shi. Yawanci sai mutum ya ji ƙullutu a wuya da ya ƙi tafiya, ko haɗiya ta fara yi masa wuya. Bayan wannan akwai tsiron da ke fitowa a al'aura, wanda lamba 6 da 11 ke jawo kusan kashi 90 cikin 100 nasa. Ba ya kisa, amma wanda ya taɓa zaryar asibiti ana ƙone masa shi yana dawowa ba zai kira shi ƙaramin abu ba. Shekarun da suka dace da namiji su ne dai na mace, saboda dalili iri ɗaya.

Duk da haka ba zan ce namiji da mace daidai suke a layi ba. Inda allura ta yi ƙaranci, 'yan mata ne a gaba, domin sankarar bakin mahaifa ita ce mafi yawan ɓarnar da HPV ke yi, da tazara mai nisa. Kuma idan aka yi wa 'yan mata da yawa, maza ma suna samun inuwa. Ostareliya ta fara da 'yan mata a 2007, ba ta sa yara maza ba sai 2013, amma tun kafin nan asibitoci suka ga tsiron al'aura ya ragu ƙwarai a tsakanin samarin da ba a taɓa yi wa allurar ba. To amma inuwar wani ba ta kai rumfar kai ba. Ta dogara ne ga a ce duk wadda yaron zai haɗu da ita a rayuwarsa an yi mata, kuma wa zai ba da wannan tabbaci? Uban da ke da halin yi wa ɗansa, ban ga dalilin da zai sa ya ƙi ba. Sai dai ya tambayi wace iri ce. Cervarix da Cecolin lamba 16 da 18 kawai suka ƙunsa, ba sa hana tsiro. Gardasil ta ƙara da 6 da 11. Gardasil 9, wadda ta fito a 2014, ta ƙara wasu biyar a kai: 31, 33, 45, 52 da 58.

Wannan ya kawo mu ga abin da allurar ba ta yi, kuma a nan nake ganin masu tallata ta sukan yi wa kansu illa da zuzutawa. A ɗauki mata 100 da za su kamu da sankarar bakin mahaifa in babu riga-kafi. Kusan 70 lamba 16 da 18 ne sanadinsu, kuma kowace irin allura tana tare waɗannan. Wasu kusan 20 daga biyar ɗin nan ne da Gardasil 9 ta ƙara. Ragowar kusan 10 babu allurar da ta ƙunshi nasu. Ke nan macen da aka yi wa tun tana ƙarama ta rage haɗarinta sosai, amma ba ta shafe shi ba, kuma dole ta je gwajin bakin mahaifa idan lokaci ya yi. Allurar ba ruwanta da sankarar mama ko ta ƙwan mace. Ba ta hana HIV, ko ciwon sanyi, ko ciwon hanta, ba ta hana ɗaukar ciki, ba ta kuma hana haihuwa. Wannan na ƙarshe shi ne jita-jitar da ta fi yawo, alhali an yi ɗaruruwan miliyoyin allurai tun 2006, kuma kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sa ido kan lafiyar riga-kafi ya duba batun bai ga wata alaƙa da rashin haihuwa ba. Abin da ke raba mace da haihuwa tabbas shi ne sankarar kanta, idan ta kai sai an cire mahaifa ko an gasa ta da haske.

Illolinta na gaske kuwa a faɗe su tun kafin a yi, don kada su zo a matsayin ba-zata. Dantse zai yi ciwo, wani lokaci ya ɗan kumbura ya yi ja. Wasu kan yi ciwon kai ko ɗan zazzaɓi. Wasu matasa kuma sukan suma, ba saboda abin da ke cikin kwalbar ba, sai don tsoro da zafin sukar allura, kamar yadda wani ke faɗuwa in ya ga jini. Na taɓa ganin haka a layin riga-kafi: yarinya ta miƙe da sauri tana murmushi, ta yi taku uku, fuskarta ta canza, gwiwoyinta suka saki. Aka kwantar da ita aka ɗaga ƙafafunta, kafin minti biyu ta buɗe ido tana tambayar ina takalminta. Amma waɗanda ke bayanta a layi sun riga sun fara kuka, kuma na tabbata labarin da ya isa gidajensu ba na takalmi ba ne. Shi ya sa ake cewa a yi allurar yaro na zaune, ya kuma ƙara zama minti 15. Mummunan rashin jituwa da ke toshe numfashi yana faruwa, amma bai kai sau biyu cikin allura miliyan ba, yana zuwa ne cikin mintunan farko, kuma akwai maganinsa a wurin. Japan ta ga abin da tsoro ke iya yi. A 2013, bayan rahotannin wasu 'yan mata da suka yi ƙorafin ciwo, gwamnati ta daina ƙarfafa yin allurar, sai yawan masu karɓa ya faɗo daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1. Bincike bai tabbatar da cewa allurar ce sanadi ba, aka dawo da shawarar a 2022, amma an riga an tsallake 'yan matan kusan shekara tara.

Ta huɗu a gidan ita ce yayata da kanta, mai shekara 38 da haihuwa huɗu. Da ta gama sauraro sai ta ce, "To ni ma a yi min ke nan?" Na ce za a iya, amma ba ita ce buƙatarta ta farko ba. A shekarunta, abin da allura za ta tare ya ragu, abin da ya kamata a nema shi ne ko akwai ƙwayar da ta riga ta zauna. Ana ɗaukar ɗan ruwan bakin mahaifa da auduga a gwada, a wurare da yawa ma mace na iya ɗauka da kanta. Shawarar Hukumar ita ce a fara daga shekara 30, a maimaita duk shekara 5 zuwa 10, mai ɗauke da HIV kuma ta fara daga 25 ta maimaita duk shekara 3 zuwa 5, domin haɗarinta ya ninka sau shida. Idan an ga wurin ya fara canzawa, ana ƙone shi ko a yanke shi cikin 'yan mintuna tun bai zama sankara ba. Wannan canji na farko ba shi da ciwo, ba shi da alama, shi ya sa ba a jira sai an ji wani abu. Jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, waɗannan ba na jiran ranar gwaji ba ne, na zuwa asibiti ne a makon.

Ta sa hannu a takardar yarinyar a daren. Na ɗan nata ta ce sai ta yi magana da babansa. Gwajin nata kuwa sau uku ina tuna mata, kullum sai ta ce wata mai zuwa.